Alhaji ya turo boyis da Faransanci, ya ce "rubuta" kawai

Mai Kafe: Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema da gaggawa. Wani Alhaji kwastomana ɗan Kwari da nake masa taifin na rasit da wasiƙu ya turo min boyis a WhatsApp, minti 3 da sakan 40, ba muryarsa ba ce, wani ne da yake sayen atamfa a wajensa a Kwatano yake magana da Faransanci, ƙarƙashin boyis ɗin ba abin da ya rubuta sai "rubuta". Shi kenan. Na kira sau biyu ba ya ɗauka. Ina jin Faransanci daidai gwargwado dan na ɗan zauna a Maraɗi, amma ban san me yake so ba, in rubuta masa maganar da Faransancin yadda aka faɗe ta ko in juya masa ita Hausa? Kuma da alama maganar kuɗi ce a ciki.

Baban Khalifa: Wslm. Haba ɗan'uwa wannan ai ba abin tambaya ba ne, fassara masa kawai. Mutumin da ba ya jin yaren me zai yi da takarda cike da Faransanci, ya liƙa a bango? Da yana ji ai da ya saurara da kansa bai turo maka ba

Ɗan Damagaram: Baban Khalifa kar ka yi saurin yanke hukunci. 'Yan kasuwa nawa ne a Kwari da Kurmi 'yan Nijar da suke jin Faransanci a kunne sarai amma ka ba su biro ba za su iya rubuta layi ɗaya ba? Irin su in suka ce rubuta to rubutawa suke nufi, suna so ne su tura wa mai kiliyarin ko su ajiye a matsayin shaida. Mai Kafe, Alhajin naka ɗan ina ne?

Mai Kafe: Bakano ne gaba da baya, amma akwai wani yaronsa ɗan Maraɗi a shago da ya yi lakwal, shi ke karanta masa takardun can. To wannan ne ma ya ƙara rikita ni, in yaron na nan me ya sa bai ba shi ya saurara ba

Ummu Hanan: Ni dai in murya ba ta fita sosai ina sa iyafis ne in ƙure bolum, ko ka tura boyis ɗin wata wayar mai lasifika mai kyau

Mai Kafe: Na gode Hajiya, muryar tana fita tas, ba nan matsalar take ba

Anti Tafinta: Ƙanena bari in sa baki dan wannan sana'ata ce. Abin da ke raba gardamar shi ne wa zai karanta takardar kuma me za a yi da ita. In Alhaji ne zai karanta dan ya san nawa zai biya, fassara ce. In kuma rigima ce ta taso tsakaninsa da mutumin, ko za a kai gaban shugabannin kasuwa ko lauya, to kalmomin bakin mutumin ake buƙata yadda suka fito, har inda ya yi tuntuɓen harshe ya gyara, saboda da zarar ka juya ta Hausa maganarka ce ba tasa ba, zai iya cewa ni ban faɗi haka ba kuma da gaskiyarsa. Saurari yanayin muryar, magana yake cikin natsuwa yana jero farashi, ko yana kare kansa ne? Sannan ka haura sama a hirarku da Alhaji ka ga aikin ƙarshe da ya ba ka, sau tari nan amsar take.

Amma kafin komai tura masa tambaya gajeriya, kuma ta murya, yawancinsu ba sa karanta dogon rubutu a kasuwa.

Mai Kafe: Anti na tura, na ce Alhaji da Faransanci zan rubuta ko in fassara Hausa. Ya buɗe ya amsa da "eh" 😭

Baban Khalifa: Hhhhh wlh Alhazan Kwari sai Allah

Anti Tafinta: Ai ba a yi musu tambaya mai baki biyu. Ka ce Alhaji wa zai karanta, kai ko yaronka? Wannan dole ya ambaci mutum. Kafin ya dawo kar ka zauna jira, fara kwafe maganar da yarenta, dan ko fassarar za ka yi daga ƙarshe sai ka bi ta nan in dai akwai lamba a ciki. Minti 3 da sakan 40 zai ba ka kalma wajen 500, ka ware minti 20 zuwa 30 a kai. WhatsApp ƙara gudu kawai yake yi, 1.5x da 2x, ba ya ragewa, saboda haka tura fayil ɗin kwamfuta ka buɗe da VLC ka rage gudun, ka riƙa tsayawa duk jimla. Duk inda ba ka ji ba kar ka cike da hasashe, sa minti da sakan ɗin wajen ka ce ba a ji ba. Kwafo mana inda ya yi maganar kuɗin mu gani.

Mai Kafe: Ga shi, daga 1:12

soixante-quinze pièces à dix-huit mille, normalement ça arrive dans quinze jours

Ni yadda na so in fassara: turmi 75 a kan dubu 18 kowanne, kaya za su iso nan da kwana 15

Ɗan Damagaram: Tsaya tsaya!! Ka ga inda ake shiga uku. A kasuwar atamfa ta Kwatano da Lome in an ce pièce yadi 12 ne, yadi 6 da muke kira turmi shi ne demi-pièce. Ke nan 75 ɗin nan turmi 150 ne, kowane turmi ya tashi a dubu 9 ba dubu 18 ba. Jimillar kuɗin ba ta canja ba, 75 sau 18,000 miliyan 1 da dubu 350 ne ko ta ina ka bi, amma Alhaji in ya ga turmi a dubu 18 zai ce an ninka masa kuɗi ya fasa cinikin ko ya kira mutumin ya zazzage shi a banza

Anti Tafinta: Haka ne, sai dai ni ba zan rubuta turmi 150 kai tsaye ba. Na sha jin dillalai suna cewa pièce alhali yadi 6 suke nufi, musamman in sun saba ciniki da 'yan Najeriya. Aikinka ba ka zaɓar wa mutumin abin da yake nufi ba ne. Ka bar kalmar tasa a wurin, ka rubuta a gefe cewa a al'ada yadi 12 ce, Alhaji ya tabbatar kafin ya tura kuɗi. Kuma ka rubuta sefa ƙarara, mutumin bai ambaci sunan kuɗi ba dan a wajensa ba sai an faɗa ba, Alhaji kuwa yana ganin dubu 18 tsirara naira ce za ta zo masa a rai. Kar kuma ka canja masa zuwa naira, farashin canji na safe daban na yamma daban, wannan na 'yan Wapa ne ba naka ba.

Sai kwana 15 ɗin, a bakinsu quinze jours sati biyu ne kawai. Normalement kuma da ka tsallake ita ce mafi nauyi a jimlar, ma'anarta in komai ya tafi daidai, ba alkawari ya yi ba. In ka cire ta ka mayar da maganar alkawari, ranar da kaya suka makale a Seme takardarka za a ɗauko.

Baban Khalifa: To ai duk wannan da kuke yi fassara ce, kun dawo kan maganata

Anti Tafinta: Mun dawo rabi. Da ya fassara daga kunne kai tsaye wa zai ga wannan kalmar balle ya kama ta? Layin Faransancin da ke gabanmu ne ya sa Ɗan Damagaram ya gani

Ɗan Damagaram: Wani abu kuma, in ka ji ya sako Hausa a tsakiya ka kula da lissafin. Mu a nan dala sefa 5 ce, in mutum ya ce ɗari biyu to sefa 1,000 yake nufi wato jika guda. Kuma in ya biyo da rubutu ka ga 18.000 da ɗigo, dubu sha takwas ne, waƙafi kuma shi ne na ɓangare, 1,5 ɗaya da rabi

Malamin Islamiyya: Ni nawa daban ne amma bari in tambaya tunda ana ciki. Ƙanwata da ke aiki a Jidda ta turo min boyis na matar gidan da take wa aiki, Larabci ne irin nasu na gida ba na littafi ba, ta ce in rubuta mata dan akwai maganar albashinta na wata biyu. In na kwafa, in gyara shi zuwa Larabcin fusha ko in bar shi yadda ta faɗa?

Anti Tafinta: Malam a bar shi yadda ta faɗa, in aka gyara ya tashi daga kwafi. Tunda maganar haƙƙi ce ku ajiye boyis ɗin asali kada a goge, da ranar da aka turo shi, sai fassarar Hausa ta biyo a ƙasa daban. Amma in akwai kalmar yarensu da ba ku tabbatar ba a nemi wanda ya zauna can ya saurara, ilimin nahawu ba ya wadatarwa a nan, Allah ya gafarta Malam

Ummu Hanan: Ni fa tambayata ita ce in ya yi duka biyun Alhaji zai biya kuɗin aiki biyu? Shi fa abu ɗaya ya ce

Baban Khalifa: Yawwa Hajiya. Minti 3 ne shi ya sa kuke cewa a yi duka, ranar da aka turo na minti 25 fa?

Anti Tafinta: Na minti 25 ba na taɓawa sai an amsa min, in ya matsu in ba shi taƙaitawa ta layi biyar da Hausa in kwafe wuraren lamba da rana da suna kaɗai da yaren asali, tare da mintinsu. Kuɗi kuwa ni kwafi da minti nake caji, fassara da shafi, kuma ina faɗa tun kafin in fara. Amma kwastoman da ka saba da shi kai ka san yadda kuke

Ɗan Damagaram: Ni kam ban yarda a caje shi biyu ba tunda bai ce a yi biyu ba, kwafin ai dan kare kanka ka yi

Mai Kafe: Tohm Alhaji ya kira yanzu. Yaron ya tafi gida biki shi ya sa, Hausa yake so, amma da na ce masa akwai maganar yadi 12 ko 6 sai ya ce in turo har Faransancin zai tura wa wani a Kwatano ya je shagon ya duba da idonsa. Maganar kuɗin aiki ban tayar ba tukuna. Anti a 2:50 akwai inda mota ta yi hon, ban gane ko six ya ce ko dix ba, in tura miki ta gefe ki saurara?

Anti Tafinta: Tambayi Alhaji tukuna ko ya yarda wani ya ji, sirrin kasuwancinsa ne. In ya ce to, yanko min sakan 15 ɗin wajen kawai