Ina neman Hausar “disifilin” kafin gobe da safe

Koci Nura: Salamu alaikum. Ina horar da mutane a wani gidan motsa jiki a nan Jos. Gobe da safe zan saka hotunan mutum shida da suka kammala mako 12, kuma sun sa mini sharaɗi: rubutun ƙasan hoton kada ya taɓa maganar tumbi ko ƙirar jiki, aikin da suka yi kawai. Kalmar da Bature ke cewa disifilin ce ta tsaya mini a wuya. Ga misali: wani bawan Allah, zuwa uku a mako, ya zo 31 cikin 36, duk bayan asuba a cikin hunturun nan. Ya fara tsuguno da sandar ƙarfe zalla, kilo 20, yanzu yana yi da kilo 45. Me zan kira wannan halin?

Sadiya: Juriya mana.

Maman Ilham: A'a ƙanwata, juriya da ciwo take tafiya. Aikina gashin ƙashi, kuma yawancin masu zuwa mini daga wajen ɗaga ƙarfe jurewa suka yi, gwiwa ko kafaɗa na ciwo suka ƙi tsayawa. Tsamin jiki na kwana biyu bayan atisaye daban, zafin da ke sukar gaɓa daban. Koci, kwana biyar ɗin da bai zo ba, me ya hana shi?

Koci Nura: Biyu zazzaɓi, uku ni na ce ya huta saboda gwiwa.

Maman Ilham: To ka gani. Hutun nan ma yana cikin abin da kake son yabawa. In ka rubuta juriya, mai karatu zai ɗauka kwana biyar ɗin gazawa ce.

Abba Dogo: Koci ka sa “Tumbi ya yi hijira” kawai, wallahi sai ya yaɗu.

Sadiya: Abba, karanta tambayar tukuna.

Malam Tanimu: Kamun kai na ɗabi'a ne, ladabtarwa kuma da bulala take zuwa, horo kaɗai sai a zaci hukunci. Ni tun bara nake cewa a haɗe shi kalma ɗaya, horonkai. Kuma don Allah a daina ce wa wurin nan jim, muna da gidan motsa jiki.

Abba Dogo: Malam, hoto fa? Kilo fa? Daga wace unguwa suka fito?

Malam Tanimu: Waɗannan sun daɗe sun zama 'yan gida. Amma ku mutanen Jos da ke ce wa mace “ya zo”, ba ku za ku koya mana aro ba.

Sadiya: Haba Malam! Hausar da muke ciniki da ita a kasuwar Taminus da mutanen da ba da ita aka haife su ba, ita ta kai harshen inda taku ba ta je ba. Koci a Jos yake, masu karanta shi ma a Jos suke.

Malam Tanimu: Ban ce ba Hausa ba ce. Na dai ce horonkai ya fi.

Baba Iliya: Ku bar wannan, yaron nan na da aiki gobe. Na yi shekaru ina sa wa hotuna rubutu a jarida. Nura, ka rufe hoton da tafin hannunka ka karanta rubutun. In ya tsaya da ƙafarsa, aiki ka yaba. In sai an ga hoton ake gane shi, jiki ka yaba. Kuma kada ka sa nauyin da ya rage, wannan maganar tumbi ce ta shigo ta taga. Balle nauyin mutum kan motsa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare, hoto kuwa haske da tsayuwa kaɗai na sauya shi. Lambar da za ka sa ita ce ta ƙarfen da ya ɗaga da ta ranakun da ya zo. Sannan ba dole sai suna ba. Bature ne ke son tara hali a suna ɗaya, mu da aikatau muke faɗa: ya dage, bai fasa ba.

Maman Ilham: Dagewa ta fi juriya, amma har yanzu hutun bai fito ba.

Koci Nura: Ga abin da na rubuta: “Mako 12, zuwa 31 cikin 36. Ya fito cikin sanyin asuba, ya huta ranar da aka ce ya huta, ya dawo bai fasa ba. Tsuguno daga kilo 20 zuwa 45.” A saman duka shidan zan sa Dagewa.

Sadiya: Ya yi. Naci fa? Ni ya fi mini ƙarfi.

Baba Iliya: Naci na mai bin bashi ne, 'yata.

Malam Tanimu: Dagewa ba ita ce disifilin ba, mai taurin kai ma dagewa yake. Amma tunda gobe ne, a sa. In za a buga a takarda a manna a bango, ku tuna da horonkai.

Abba Dogo: Koci, nawa ne kuɗin wata?