Kalmomin da ake buƙata a makonnin farko na aiki a Saudiyya

Na tattaro abin da ƴan uwa masu aiki a Jidda da Riyad suka faɗa da muka tattauna a kan sabon zuwa. Kusan kowa ya yarda cewa Larabcin Islamiyya zai taimaka, amma ba shi ake yi a wurin aiki ba. Wani ya ce ranar farko ya ce wa mai gidansa "maza turid", wato me kake so, mutumin ya fahimta sarai sai dai ya yi murmushi, don su a baki "esh tibga" suke cewa.

Inda aka fi daɗewa shi ne yadda za ka amsa kira. In babba ya kira ka ko ya sa ka aiki, ka ce "abshir" ko "hadir", kamar dai mu ce to ranka ya daɗe an gama. Shi "ɗal umrak" ma kusan ranka ya daɗe ɗin ne, ana yi wa manya. Kuma in mutum na da ɗa, ka kira shi da alkunya, Abu wane, ya fi daɗi a kunnensu fiye da sunansa tsirara, mu ma ai ba ma kama sunan babba gatsal.

Wata ƴar uwa ta ja kunne a kan "insha Allahu", ta ce in an ba ka aikin gaggawa ka amsa da ita kaɗai wasu sai su ɗauka kana ja da baya ne, gara ka haɗa da lokaci. In kuma ba ka gane umarni ba kar kunya ta sa ka gyaɗa kai, ka ce "ma fihimt, law samaht", wato ban gane ba don Allah, a maimaita maka, ni a ganina wannan ta fi duk sauran amfani.