Sauke playlist na lakca da yt-dlp, netwok na yankewa

Dan Agege:
Salam yan uwa, ina sauke playlist na lakcocin lissafi, bidiyo 60 ne, da datar dare. An dauke wuta rauta ta mutu a na 23, da safe na sake sa kwamand din sai na 23 ya fara daga farko, alhali ya kai rabi. Wa ya taba shiga wannan?

Baban Ummi:
Ka sa -c kawai, shi ne maganin.

Injiniya Idi-Araba:
Baban Ummi -c a kunne yake tun asali ko baka rubuta ba. In netwok ya yanke yt-dlp yana barin fayil mai .part a folda, ka sake kwamand din ya dora daga inda ya tsaya, amma sai sunan fayil bai canza ba. Dan Agege ka canza folda ne ko kwaliti? Ni wannan nake sawa

```
yt-dlp --download-archive archive.txt -R infinite --fragment-retries infinite --retry-sleep 10 -S "res:480" -o "%(playlist_index)s - %(title)s.%(ext)s" "LINK"
```

Duk bidiyon da ya kammala ana rubuta ID dinsa a archive.txt, ko ka kwashe bidiyoyin zuwa filasha bazai sake sauke su ba. Ita kuma -R asalinta sau 10 yake gwadawa ya hakura ya wuce na gaba.

Dan Agege:
Eh na rage kwaliti daga 720 zuwa 480 saboda data.

Injiniya Idi-Araba:
To shi ne dalili. Hoto da sauti daban suke sauka kafin ffmpeg ya hada su, kowanne da lambar fomat a sunansa, irin .f136.mp4.part, ka canza kwaliti lambar ta canza, a wajensa sabon fayil ne. Goge tsohon .part din, wuri kawai yake ci.

Hajiya Mile 12:
Ni a waya nake yi da Termux, karatun tafsiri nake saukewa, da allo ya mutu sai ya tsaya, sai da kanena ya nuna min termux-wake-lock. Amma har yanzu in yankewar ta dade yana bani HTTP Error 403.

Injiniya Idi-Araba:
Hajiya adireshin da ake janyo bidiyon yana mutuwa bayan wasu awanni, sake kwamand din zai dauko sabo. In kuma tun farko yake bada 403 to a sabunta shi, pip install -U yt-dlp.

Baban Ummi:
Ni until na sa ya rika maimaita kansa har gari ya waye.

Injiniya Idi-Araba:
Yana yi, amma in akwai bidiyo daya da mai shi ya rufe a playlist din kullum da kuskure zai kare, haka zai ta zagaye bazai tsaya ba.

Hajiya Mile 12:
Na sabunta, 403 din na nan a bidiyo biyu, sauran sun sauka.