Fina-finan da ƙarshensu ke juyewa: wanne ne ya cancanci kallo na biyu?

Nasiru Tsafe: Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya na karɓo wani fim na binciken kisa a shagon turi da ke kusa da tashar mota a nan Gusau, na zauna a kansa sama da awa biyu, sai a minti biyar na ƙarshe aka ce wanda ya yi kisan wani ɗan'uwan marigayin ne da ba a taɓa nuna fuskarsa ko ambaton sunansa ba. Na sake duba fim ɗin daga farko don in ga ko ni ne ban lura ba, amma ban sami ko alama ɗaya ba, kuma abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Ina neman fim wanda ƙarshensa zai zo mini ba zato, amma idan na koma na sake kallo in tarar da cewa an ajiye mini gaskiyar a gaban idona tun farko. Ban damu ba ko da za a faɗi ƙarshen, domin yadda aka ɓoye shi nake son in fahimta.

Malama Hauwa'u Gusau: Wa'alaikumus salam, Malam Nasiru. Tunda ka yarda a faɗi ƙarshe, wanda bai so ya ji sai ya tsallake wannan saƙo. Ka nemi The Sixth Sense, na shekarar 1999, wanda M. Night Shyamalan ya rubuta kuma ya ba da umarni. Bruce Willis ne ya fito a matsayin Malcolm, likitan ƙwaƙwalwar yara a birnin Filadelfiya, wanda wani tsohon majinyacinsa ya harba a farkon fim. Daga nan sai labarin ya tsallaka zuwa watanni a gaba, muka gan shi yana kula da wani yaro mai suna Cole da ke ganin matattu. A ƙarshe ne ake gane cewa likitan bai tashi daga wancan harbi ba, shi ma yana cikin matattun da yaron ke gani. Labari ne kawai na fatalwa irin na Turawa, ba abin da muka yi imani da shi ba, amma gininsa abin nazari ne.

Wurin da nake so ka tsaya a kansa a kallo na biyu shi ne gidan cin abinci, ranar zagayowar aurensu. Ya iso a makare, matarsa tana zaune ita kaɗai, ya zauna yana ta ba ta haƙuri, ita kuwa ba ta ce masa uffan ba. Da aka kawo takardar kuɗin abinci ya kai hannu, sai ta riga shi ɗauka, ta furta kalmar murnar ranar a hankali ba tare da ta dube shi ba, ta tashi ta fita. A kallon farko babu wanda ke shakka cewa fushi take yi, domin duk wanda ya san zaman aure ya san irin wannan shirun. A kallo na biyu kuwa za ka ga bai ja kujerar ba kafin ya zauna, ma'aikacin wurin bai kula shi ba, kuma abin da ka ɗauka fushi ne ashe baƙin cikin matar da mijinta ya rasu ne, ta zo ita kaɗai wurin da ya nemi aurenta. Ba a canza komai a hoton ba, kai ne ka kawo fassarar fushin daga kanka. Ni a karo na biyu ne wannan wurin ya sa ni hawaye, ba a na farko ba.

Haka kuma wurin da yaron ya dawo gida ya tarar da likitan da mahaifiyarsa suna zaune suna fuskantar juna. Kowa yana ɗauka sun gama tattaunawa ne, alhali ba mu ji sun yi magana ko sau ɗaya ba, kuma da ta tashi ɗanta kaɗai ta yi wa magana.

Sani Kaura: Malama ta yi gaskiya, na kalle shi sau uku. Zan ƙara da cewa tufafi ɗaya likitan ya sa daga farkon fim har ƙarshe. Amma akwai wurin da nake ganin an yi mana ha'inci: an nuna mana cewa idan fatalwa ta zo wuri yakan yi sanyi har numfashin mutum ya riƙa fita kamar hayaƙi, to me ya sa yaron yake zama da likitan tsawon fim ba a ga wannan sanyin ba?

Malama Hauwa'u Gusau: Malam Sani, ka kusa, amma ba tufafi ɗaya ba ne. Da haka aka yi da mutane da yawa sun gane tun tsakiyar fim. Abin da aka yi shi ne an riƙa juya masa kayan da ya sa ko ya taɓa a daren da aka harbe shi, wani lokaci da babbar rigar sanyi, wani lokaci da kwat, wani lokaci da 'yar rigar ciki kawai, don haka ido yana ganin kamar ya canza kaya. Batun sanyi kuma, yaron da bakinsa ya faɗi cewa sai ransu ya ɓaci wurin ke yin sanyi. Likitan yawanci a natse yake tare da shi. Ka duba ƙarshen, lokacin da zoben aure ya faɗi daga hannun matar tana barci ya gane gaskiya hankalinsa ya tashi, a nan ne numfashinta ya fara fita fari. Dokar da fim ɗin ya kafa wa kansa bai karya ta ba.

Sani Kaura: Na karɓi gyara a kan sanyin. Amma har yanzu ban gamsu da yadda mutum zai yi watanni babu mai amsa masa gaisuwa a hanya bai gane komai ba. Na san yaron ya ce abin da suke so kawai suke gani, sai dai wannan jimlar ta yi mini kama da babban mayafi da marubucin ya ɗinka don ya rufe duk wata ɓaraka.

Baba Mande Mafara: 'Ya'yana, idan fim da ake sake kallo kuke nema, ku koma wa fina-finan Indiya na zamaninmu, inda 'yan'uwa ke rabuwa suna yara, su girma ba su san juna ba, sai a ƙarshe a gane su ta wata sarƙa ko tabo a hannu. Akwai waɗanda na kalla fiye da sau goma a kaset, kuma kullum sai na ji daɗin haɗuwar.

Bilkisu Anka: Allah ya ƙara girma, Baba. Waɗannan suna da daɗi, sai dai a cikinsu mu masu kallo mun san gaskiya tun farko, 'yan wasan ne ba su sani ba, muna jiran ranar da za su gane. Abin da Yaya Nasiru ke nema shi ne wanda mu aka ɓoye wa. A na Indiya ina ba da shawarar Kahaani, na 2012, wanda Vidya Balan ta fito a matsayin mace mai tsohon ciki da ta zo Kolkata daga Landan neman mijinta da ya ɓata. A ƙarshe cikin na ƙarya ne, kuma mutumin da take nema ba mijinta ba ne, wanda ya yi sanadin mutuwar mijinta ne. Akwai alamar da nake so ƙwarai: ana yawan nuna ta tana goge ɗakin masaukinta, kai kana cewa mace ce mai tsabta da aka sauke a wuri mai ƙura, ashe sawun yatsunta take sharewa.

Ni da farko a fassarar Hausa na kalle shi, kuma a kwafin da aka tura mini an yanke wasu wurare na shiru, wataƙila don an ga babu magana a cikinsu. Sai da na sami cikakkensa na ga cewa a irin waɗannan wuraren ne alamun suke. Don haka, Yaya Nasiru, ka duba tsawon fim kafin ka biya kuɗin turi.

Malama Hauwa'u Gusau: Ƙanwata Bilkisu, ina son Kahaani, amma ba zan sa shi a sahu ɗaya da na farko ba, kuma ga dalilina. Idan tana ba da labarin mijinta, ana nuna mana rayuwarsu ta baya da fuskar mutumin da take farauta, sai a ƙarshe a sake nuna wuraren da fuskar mijin na gaskiya. Ɗan wasa yana da damar ya yi ƙarya da bakinsa, wannan aikinmu ne mu auna. Amma idan kyamara da kanta ta nuna mini abin da bai faru ba a matsayin abin da ya faru, to da me zan auna? An daɗe ana wannan gardama, tun fim ɗin Alfred Hitchcock na 1950, Stage Fright, wanda ya buɗe da irin wannan waiwaye na ƙarya kuma aka yi ta sukar sa a kai.

Bilkisu Anka: Anti, a ganina abin da aka nuna a waɗancan wuraren ba tunaninta ba ne, hoton da mai sauraronta yake zanawa a ransa ne daga labarin da take ba shi da hoton da ta nuna masa. Mu ma a kujerar mai sauraron aka zaunar da mu. Na yarda ya fi na gidan cin abincin rauni, amma ban kira shi ha'inci ba.

Sani Kaura: Wanda ba za ku yi gardama a kansa ba shi ne Drishyam. Asalinsa na harshen Malayalam ne a 2013, aka sake yin sa da Hindi a 2015 da Ajay Devgn. 'Yan sanda suna ta neman gawa, aka tone inda kowa ke zato aka tarar da mushen dabba, alhali gawar tana ƙarƙashin daɓen sabon ofishin 'yan sandan da ake ginawa. Ginin nan kuwa an nuna shi kuma an yi maganarsa tun farkon fim, amma wa zai kula da aikin gini a ƙauye?

Nasiru Tsafe: Na gode muku baki ɗaya. Na sami na farkon jiya da dare, kuma ko da na san ƙarshen na tsayar da shi a gidan cin abincin na mayar baya sau biyu, kujerar ba ta motsa ba. Na kuma ga ƙofar ɗakin ƙasa mai jan mariƙi da likitan yake ta murɗawa tana ƙin buɗewa yana laluben mabuɗi a aljihu, sai a ƙarshe aka nuna tebur ne aka tokare ta da shi. Malama, jan launin nan da ke yawan fitowa, kamar balan-balan ɗin da tantin da yaron ke ɓuya a ciki, shi ma alama ce ko kwalliya ce kawai? Kahaani kuma zan neme shi ranar Juma'a, cikakken, in ga ɓangaren da zan bi tsakanin ku biyu.