Sayen inji da gyaran inji: shafi ɗaya kuke rubuta su?

Mai nika: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara ni da Yayana muka haɗa kuɗi muka sayi injin niƙa naira 1,200,000. Motar da ta kawo shi ta karɓi 50,000, zuba kankare da ɗaura shi suka ci 150,000. Cinikin shekarar 2,000,000 ne, gas da kuɗin yaro da haya da gyare-gyare suka kwashe 900,000. Na cire duka har da kuɗin injin, sai littafi ya nuna faɗuwar 300,000. Yaya ya ce ai faɗuwa ba a wajen nan ba, kullum layi yake gani. Har yau muna 'yar tsama. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Tsohon akanta: Wa alaikumus salam. Yayanka ya fi ka gaskiya, Malam. Gas ɗin da ka zuba ya ƙone, ba ya dawowa. Injin kuwa yana nan tsaye, baɗi ma zai yi maka niƙa. Kuɗinka ne ya sauya kama ya zama kadara, don haka ba adalci a ɗora wa shekara ɗaya nauyin abin da shekaru da yawa za su ci moriyarsa. Haɗa kuɗin mota da na ɗaurawa a kan farashin, domin ba don su ba injin ba zai tashi ba: 1,400,000 ke nan. Idan kun ƙiyasta zai yi shekara bakwai, kuma ba ku sa ran samun wani abin kirki in kun sayar da gwangwaninsa, kowace shekara ta ɗauki 200,000 a matsayin raguwar daraja. Sai lissafin bara ya koma 2,000,000 a cire 900,000, a cire 200,000. Ribarku 900,000 ce. Kada ka je neman ta a aljihu fa, riba daban, tsabar kuɗi daban. Raba kuɗin inji da na gas kuwa irin rabon da kuke ji a kasafin gwamnati ne, manyan ayyuka da na yau da kullum.

Tela mai keke shida: Ni dokata mai sauƙi ce. Duk abin da ya wuce 100,000 jari ne, wanda bai kai ba kashewa ce. Shekara nawa ina haka ban ga matsala ba.

Tsohon akanta: Hajiya, rabin maganar taki daidai ne. Kamfanoni ma suna sa irin wannan iyaka don kada a tsaya raba kuɗin almakashi a kan shekaru. Amma girman kuɗi kaɗai ba ya mai da abu jari. Ko hayar shago ta kai miliyan, ta shekararta ce. Gyara ma tambaya ɗaya ake yi masa: ya mai da injin yadda yake ne, ko ya ƙara masa abin da ba shi da shi?

Mai firiza: To ni ga tawa. Kwamfiresa ta ƙone a tsakiyar azumi, lokacin da ƙanƙara take kuɗi. Mai gyara ya ce a sa sabuwa. Na rubuta ta a jari saboda sabuwa ce fil a kwali. Daga baya ƙanwata da ta karanta lissafin kuɗi ta ce in mai da ita shafin gyara, tunda ƙarfinta ɗaya da tsohuwar, ƙanƙarar da nake fitarwa ba ta ƙaru ba. Amma sola da na sa wa shagon ta ce wannan jari ne. Ban gamsu sarai ba, don kwamfiresar nan ita ce ran firizar.

Direban tifa: Maganar haraji kuke yi? Ni dai rasit nake ajewa.

Tsohon akanta: Ba ita ce tambayar ba, Alhaji, amma ta shafe ta. Masu haraji suna yarda a cire gyara a shekararsa, sayen inji kuwa suna da nasu rangwamen da suke rabawa a kan shekaru, ba da ƙiyasinka suke aiki ba. Mai firiza, kokwantonka yana da tushe. Idan ɓangaren babba ne kuma zai yi shekaru, ƙa'ida ta yarda a sa sabon a jari, da sharaɗin a fitar da abin da ya rage na darajar tsohon daga littafi. A ƙaramin shago yawanci ba a wahalar da kai, sai a bi hanyar ƙanwarka.

Bakanike: Ku ƙara da na hannu. Wani ya sayo tsohon janareta da araha, ya kawo mini ko tashi ba ya yi. Na sake masa naɗin koyil, na canja boris. Sunan aikin gyara, amma ɗan da ke riƙe masa littafi a kan kuɗin saye ya ɗora shi, wai kafin nan ba janareta ya saya ba, ƙarfe ya saya.

Mai nika: Na gode ƙwarai. Bel da sassaƙa faranti na gane, na shekara ne. Amma bana mai gyara ya ce a sauke injin gaba ɗaya a canja fistan da ringi, wai zai ƙara masa shekara uku a kan bakwai ɗin. Shi kuma fa? Ina so in sani kafin in je wajen Yaya ranar Juma'a da littafin.