Dan Allah me za mu kira aura ta ciwon ɓarin kai da Hausa?

Maman Ilham: Salam jama'a. Ina fassara wata 'yar takarda ce kan ganin da ke dushewa ya dawo, ta kawo dalilai uku, gajiyar ido, hawan suga, sai na ukun da ya tsaya min a wuya wato abin da likitoci ke ce wa aura, wanda ke zuwa kafin ciwon ɓarin kai. Na farko na sa dishi-dishi, na suga na sa hazo-hazo, to shi wannan fa? Ban so in sake cewa dishi-dishi mai karatu ya ɗauka duk abu ɗaya ne.

Ɗan Baba: Aura kuma? Anti wa za a aura, ciwon kan? 😂

Maman Ilham: Ka ga matsalar kenan ai, in na bar ta yadda take a rubuce kowa zancen aure zai karanta.

Malam Sabo: Kalmar asalinta daga Girkanci take, ma'anarta iska mai kaɗawa a hankali. Likitocin da can a kan farfaɗiya suka fara amfani da ita, saboda wani mai ciwon yakan ji kamar iska mai sanyi na hawa jikinsa kafin ya faɗi. To a mayar da ita gidanta mana, iskar ciwon kai.

Maman Ilham: Malam tuba nake, amma in na rubuta iska a takardar asibiti kai ma ka san inda hankalin mutane zai tafi, ba wanda zai nufi likita kuma.

Anti Nas: Bari in faɗi yadda abin yake tukunna sai ku masu Hausa ku raɗa suna, ni a sashen ido nake aiki kuma ni kaina ina da shi. Ba dishi-dishi ba ne sam. Nawa yakan fara ne ina karatu sai in ga harafi ɗaya ya ɓace a tsakiyar kalma, kamar an ɗiga ruwa a wurin, bayan minti biyar ɗigon ya buɗe ya zama kamar lauje mai haƙoran zarto yana ƙyalli yana rawa, yana faɗaɗa yana matsawa gefe, wajen minti 20 zuwa 30 ya fice ta gefen gani, sannan kai ya ɗauka. Ƙa'idarsa minti 5 zuwa 60. Kuma ko na rufe ido ina ganinsa, in na rufe na dama yana nan, na rufe na hagu yana nan, don ba a ido yake ba, a ƙwaƙwalwa yake ta wajen ƙeya inda ake sarrafa gani. Wani abu ne kamar igiyar ruwa ke bi ta kan wurin a hankali, kamar milimita 3 a minti, shi ya sa yake rarrafe ba ya faɗowa gaba ɗaya.

Baffa Ali: Ni ma irinsa na yi bara wlh. Yau in ga rubutun talabijin tar, gobe in kasa, jibi ya dawo, har na je aka yanka min gilashi, sati biyu gilashin ya zama banza kamar na wani na ara. Ashe suga ne, da aka gwada ni da safe ban ci komai ba na'ura ta nuna 240. Don haka ni dai ina ga duk sunansu ɗaya, hazon ido, a huta.

Anti Nas: Baffa naka daban ne, kuma labarinka shi ne dalilin da ya sa bai kamata suna ya zama ɗaya ba. In suga ya hau, ɗan madubin da ke cikin ido, wanda yanar ido ke kamawa, ruwan cikinsa ke canzawa sai saitinsa ya goce, shi ya sa naka ya ɗauki kwanaki yana kai-komo ba minti ashirin ba, kuma ba ƙyalli ba zarto. Na tabbata lokacin kana yawan jin ƙishi da tashi fitsari da dare. 126 mg/dL ma in ya maimaitu a gwajin da ba a ci komai ba ya isa a ce ciwon suga ne balle 240. Shi ya sa ba ma son yanka wa mutum gilashi sai suga ya zauna na wasu makonni, in ba haka ba kuɗinsa ne zai tafi kamar naka. Na gajiyar ido kuwa mai sauƙi ne, ka daɗe kana kallon waya ka rage ƙiftawa ido ya bushe, ka ƙifta sau uku ko ka kalli nesa sai ya washe.

Baffa Ali: Fitsarin kam kar ki tona, sau huɗu a dare.

Ummu Sadik: Tunda ƙyalli ne me zai hana walƙiyar ɓarin kai? Walƙiya ta riga tsawa, ita ma ta riga ciwon.

Anti Nas: Ta yi daɗi a kunne amma ina tsoronta. Akwai wata walƙiyar ta daban, wal ɗaya a ido guda, tare da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar ƙudaje ko wani duhu kamar labule ta gefe, wannan fatar gani ce da ke can cikin ido ta baya ke iya yagewa, ranar ake zuwa asibiti ba a kwana. In muka ba aura sunan walƙiya wani zai ga waccan ya ce ai ɓarin kai ne ya kwanta. Sannan ba kullum a gani take zuwa ba, wasu yatsu ne ke musu jimm ya hau hannu har leɓe, wasu magana ce ke sarƙe musu.

Malam Sabo: To hadarin ɓarin kai. Hadari ya haɗo kafin ruwa. Har ma in ya taso bai zubar ba muna da holoƙo, na ji an ce akwai masu ganin abin kai bai yi ciwo ba.

Ɗan Baba: Malam rabin mutane ba sa sa ƙugiya a waya, hadari da haɗari duk ɗaya suke rubutawa, za a ɗauka ana nufin ciwon na kisa ne.

Ummu Sadik: Kakata in nata zai tashi cewa take "ya yi sallama", ta tashi ta shige ɗaki ta ja labule. Ba za a ce ɓarin kai mai sallama da mara sallama ba?

Maman Ilham: Kai wannan ta zauna min! Dama takardar ta raba su biyu, ta ce wajen kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ciwon ne ke samunta. Sallamar ɓarin kai. Ta ɗauki ta gani, ta ɗauki ta yatsu da ta harshe duka.

Malam Sabo: Ban gamsu ba gaskiya. Sallama ai har ta rabuwa ce, an yi sallama an tafi, wani zai fahimci ƙarshen ciwon ake nufi. Kuma wanda kai bai biyo baya ba fa, ya yi sallama bai shigo ba kenan?

Anti Nas: Ni ba ni da ja, in dai za ki rubuta a ƙarƙashinta abin da ba sallama ba ne. Duhun da ya sauko wa ido ɗaya tak farat ɗaya ko da ya washe bayan minti kaɗan, wanda ya wuce awa, wanda ya zo da rashin ƙarfin hannu ko karkacewar baki, ko wanda ya fara wa mutum karon farko bayan shekara 50, waɗannan ana iya jin tsoron shanyewar ɓarin jiki. Kuma mace mai ɓarin kai mai sallama ta gaya wa likita kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, ba a son haɗa su, balle in tana shan taba.

Maman Ilham: Na rubuta su duka Anti. Zan sa sallamar ɓarin kai a yanzu, in karanta wa mutum biyar da ba su san zancen ba in ji me za su fahimta. Malam holoƙon naka ban yar ba, ina ga shi zan ba wanda ke zuwa ba ciwon kai, sai dai ban san ko yaran yanzu sun san kalmar ba.

Ɗan Baba: Ni dai yau na fara jin ta.