Wace kalma za mu ba kason da ake cirewa daga hannun jari?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Binciken da ake yi wa kamfani kafin a sayi hannun jarinsa mun riga mun tsaya a kan "tantancewa". Saura mataki na biyu, wanda Larabawa ke kira taɗhir, Turawa kuma fiyurifikeshan: kamfani ya tsallake tantancewa, amma akwai ɗan kuɗin ruwa cikin abin da ya samu, dole mai hannun jari ya fitar da kasonsa. Me za mu kira shi?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Ai tsarkakewa ce, fassarar taɗhir ke nan kai tsaye. Mutum ya cire kashi 2.5 cikin 100 duk shekara, shi ke nan.

Akawu: Hajiya, fassarar daidai ce, amma lissafin na zakka ne, kuma abin da ya sa nake tsoron kalmar ke nan. Da an ce tsarkake dukiya, zakka ce ke zuwa a zuciyar mutane. Zakka ibada ce da ake fitarwa daga halal, tana da nisabi da adadi tsayayye. Wannan kuwa kuɗi ne da bai halatta ka riƙe ba tun farko, ba shi da nisabi, adadinsa yana canjawa da rahoton kamfanin na kowace shekara, kuma fitar da shi ba ya sauke zakka. Ba ka biyan haraji ko bashinka da shi, sai dai ya tafi ga mabukata ko aikin amfanin jama'a.

Ɗan Autan Zaure: Ni na ɗauka ana nufin idan ka sayi jarin bankin ruwa ko kamfanin giya, sai ka cire wani abu ragowar ta halatta. A ce "wanke kuɗi" mana.

Akawu: A'a ƙanena. Kamfanin da asalin sana'arsa haram ce ya faɗi tun a tantancewa, babu kason da zai gyara shi. Ma'auni mai lamba 21 na AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ya ce sana'ar ta zama halal, bashin ruwa da ke kan kamfanin kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, ajiyarsa mai ruwa ita ma haka, kuɗin shiga na haram kuma kada ya wuce kashi 5. Abin da ke ƙasa da kashi 5 ɗin nan shi ake fitarwa. "Wanke kuɗi" kuma ya yi kama da halasta kuɗin haram da ake kama mutane a kansa, mu bar shi.

Maman Sadik: To na janye. "Tace riba" fa? Tacewa ai raba tsaki ne da mai kyau.

Akawu: Tana da daɗin faɗi, amma aibinta biyu. A rubuce, riba ta ciniki da riba ta haram iri ɗaya suke, mai karatu zai iya zaton kuɗin ruwan ake tacewa a ci. Na biyu ya fi nauyi: kalmar ta riga ta zaɓi ɗaya daga hanyoyin lissafi biyu.

Ga misali, ko da wane irin kuɗi ne. Kamfani ya samu miliyan 200 a shekara, miliyan 6 daga ciki ruwan ajiyar banki ne, wato kashi 3. Yawan hannayen jarinsa miliyan 50, kai kana da 1,000, an raba ribar 1 ga kowane hannu, ka karɓi 1,000. Hanya ta farko tana duba abin da ya shigo hannunka kawai: kashi 3 na 1,000, ka fitar da 30. Hanyar AAOIFI kuwa a raba miliyan 6 da miliyan 50, kowane hannu ya ɗauki 0.12, a ninka sau 1,000, ka fitar da 120. Ninki huɗu ke nan, domin ruwan da kamfani bai raba ba yana nan cikin dukiyar da kake da kaso a ciki. Shekarar da ba a raba komai ba, hanya ta farko ta ce sifili, ta biyu ta ce 120 na nan a wuyanka. Wanda ya saba da "tace riba" zai ce bana babu riba, babu abin tacewa.

Baban Hanifa: Ke nan muna son kalmar da ba ta rataya a kan riba ba. Ina ba da shawarar "tsame haram", adadin kuma "kason tsamewa".

Maman Sadik: Tsame ta yi mini, haram ɗin ce ban yarda da ita ba. Wani lokaci rahoto yana cusa ruwan cikin layin "sauran kuɗin shiga", sai ƙiyasi ake yi, a ɗan ɗora a kai don kariya. Ba duk abin da aka fitar ne tabbataccen haram ba. "Tsame gurɓatacce" ya fi faɗi.

Akawu: Gaskiya ne, shi ya sa ake karanta bayanan da ke bayan rahoton, a can ake rarrabe layin. Amma gurɓatacce zai iya sa mutane su ɗauka na ganin dama ne.

Baban Hanifa: To mu riƙe "tsamewa" da "kason tsamewa". Haram ko gurɓatacce, a jira malaman fiƙihu da ke cikinmu su yi magana.